Littafin aikina da yara uku da karatu ya gagara

Litinin, 15 ga Satumba

Na buɗe wannan littafi ne don in riƙa rubuta abin da nake yi da yara uku daga cikin ɗalibaina 46 na aji huɗu. Ba zan sa sunayensu ba. Zan ce babban yaron, mai shekara 11, da yarinyar, mai shekara 9, da kuma ƙaramin yaron, shi ma 9.

Babban yaron ne ya sa na tashi tsaye. Sati biyu ina ɗaukarsa mai iya karatu, domin idan aka buɗe shafi na shida sai ya zuba shi tiryan-tiryan, ko tuntuɓe babu. Yau na lura yatsansa yana kan layi na biyu, bakinsa kuma yana layi na huɗu. Da aka fita hutu na tsayar da shi, na ɗauki kalma ɗaya daga shafin, *rana*, na rubuta ta ita kaɗai a bayan takarda. Ya kalle ta, ya kalle ni, ya ce, "Malama, a wane shafi take?" Ashe haddace littafin ya yi da ka, shekara uku yana rufa wa kansa asiri da wannan basira, mu kuma muna ba shi maki.

Laraba, 17 ga Satumba

Na gwada su ɗaya bayan ɗaya, ba a gaban aji ba. Gwaji huɗu ne, kowane yaro minti goma. Na farko haruffa 30 a hargitse, ba a jerin abacada ba, yaro ya faɗi sautin kowanne. Na biyu na kunne ne zalla, babu takarda: in ce *sa* da *ma*, ya haɗa ya ce *sama*, sannan in tambaye shi sautin da *nama* ta fara da shi. Na uku kalmomin da na ƙirƙira, irin su *fimu* da *rusi*, waɗanda hadda ba za ta cece shi a kansu ba tunda bai taɓa jin su ba. Na huɗu na karanta musu gajeren labari na yi tambayoyi biyar da baki.

Babban yaron ya san sautin haruffa 9, bai karanta ƙirƙirarriyar kalma ko ɗaya ba, amma ya amsa tambayoyin labari biyar cif, har da ƙarin bayani. Yarinyar ta san haruffa 22, sai dai ba ta iya haɗa su: tana cewa *m*, ta ce *a*, kafin ta kai harafi na uku na farkon ya ɓace mata. Ƙaramin ya san 14, kuma a gwajin kunne sau uku yana cewa in maimaita.

Wannan tazara tsakanin abin da yaro ke ganewa da kunne da abin da yake iya ɗauka daga takarda ita ce ta fi tsaya mini a rai. Masu bincike Gough da Tunmer sun bayyana a 1986 cewa fahimtar karatu tana buƙatar abu biyu tare: iya fitar da kalma daga haruffa, da gane harshen kansa. Idan ɗaya babu, karatu babu. Babban yaron yana da na biyu a wadace, na farkon ne ya rasa. Irin wannan matsala ce ake kira disleksiya idan ta yi tsanani kuma ta ƙi tafiya duk da kyakkyawar koyarwa. Amma ni malamar aji ce, ba aikina ba ne in liƙa wa yaro wannan suna. Aikina in koyar da kyau, in rubuta abin da na gani.

Juma'a, 19 ga Satumba

Na aika wa iyayen ukun takarda cewa a duba idon yaran da kunnensu. Babu amfanin in shafe zango ina koyar da sauti ga yaron da ba ya jin sa.

Kayan aiki: kwali biyu da na yanka kati 60, alƙalamin maka baƙi da ja, murafen kwalba 12, tire mai yashi, ƙananan alluna uku, littafin rubutu ɗaya ga kowane yaro. Abin da zai ci mini da gaske lokaci ne. Minti 15 kullum a aji, da kamar minti 20 kowane dare na shirya kalmomin gobe.

Litinin, 22 ga Satumba

Mun fara. Na zaɓi lokacin da sauran aji ke aikin rubutu a littattafansu, na ja benci ɗaya gefen allo inda idona ke kan kowa. Ga yadda na raba mintunan, kuma na yi niyyar kada tsarin ya canza, domin yaro ya san abin da ke zuwa ya daina fargaba.

Minti biyu na farko na kunne ne. Ina faɗin kalma, su tura murfin kwalba ɗaya cikin akwati ga kowane sauti. Akwatunan layuka ne kawai da na zana a kwali, dabarar masanin nan ɗan Rasha Elkonin. *Nama* murafe huɗu ce, ba biyu ba, kuma wannan ya ba su mamaki, don a kunnensu *na* abu ɗaya ne dunƙulalle. Minti uku na katunan da suka riga suka sani, da sauri. Minti uku na sabon harafi guda ɗaya tak: su gan shi, su faɗi sautinsa, su zana shi a yashi suna faɗi, su rubuta a allo. Haɗa ido da kunne da baki da hannu a lokaci guda tsohuwar hanya ce, tun aikin Samuel Orton da Anna Gillingham a shekarun 1930. Minti huɗu na karanta kalmomi da jimloli da aka gina da haruffan da aka koya kawai. Minti uku na ƙarshe shifta.

Na fara da *a, m, n, s*. Dalilina shi ne *m* da *n* da *s* sautuka ne da ake iya ja, a ce *mmm* ba a yanke numfashi ba har a zarce cikin wasali. Ga yarinyar da sauti ke zube mata a hanya wannan shi ne magani. Ba za ta ce *m*, ta tsaya, ta ce *a* ba. Za ta ce *mmmaaa* tana jan yatsa a ƙarƙashin haruffan. Da haruffa huɗun nan kaɗai mun samu *mama, nama, sama, mana, nasa, masa, ana, nan*. Baƙaƙe da baƙin maka, wasula da ja.

Alhamis, 25 ga Satumba

Wata matsala da ban yi tsammani ba. Duk su ukun idan na ɗaga katin *m* cewa suke *ma*, *s* kuma *sa*. Haka aka koya musu tun aji ɗaya, baƙi da wasali a manne. Sai ga *s* da *i* sun zama *sa-i* a bakin babban yaron. Na kashe mintunan sabon harafi gaba ɗaya a kan tsabtace sauti: hannu a kan leɓe, a ce *mmm*, kada baki ya buɗe. Ni ma na kama kaina sau biyu ina cewa *na* maimakon *nnn*.

Haka kuma waƙar *sa se si so su*. Sun iya rera ta kamar ruwa, amma da na nuna *su* ita kaɗai sai ƙaramin ya koma farko yana ƙirgawa a ransa har ya iso ta. Daga yau babu jeri. Katunan gaɓoɓi a cakuɗe za su riƙa fitowa.

Talata, 30 ga Satumba

An ƙara *i* da *r*. Lafiya lau. Yarinyar ta karanta *nisa* da *rami* ba taimako.

Juma'a, 3 ga Oktoba

Gwajin mako. Na sa Juma'a ta zama ranar awo: minti ɗaya da agogo, jerin kalmomin da ba su taɓa gani a wannan tsari ba, in ƙirga waɗanda aka karanta daidai. Yarinyar 7, babban yaron 4, ƙaramin 3. Kowa yana zana nasa a bayan littafinsa, ba a gwada na wani da na wani.

Mahaifiyar ƙaramin ta zo da tashi. An duba kunnen, an sami ruwa a bayan dodon kunnensa na hagu, an fara magani. Ta ce, "Malama, ni fa duk zatona taurin kai ne, in kira shi sau uku bai waiwayo ba." Na mayar da shi bencin gaba, kunnen dama yana wajena, kuma ina fuskantarsa in zan yi magana don ya ga bakina.

Laraba, 8 ga Oktoba

Yau na ɓata aiki da hannuna. Ganin abubuwa na tafiya sai na yi gaggawa, na kawo *b* ranar Litinin, na kawo *d* jiya. Tunanina wai in na ajiye su gefe da gefe za su ga bambancin. Abin da ya faru akasin haka ne. Babban yaron, wanda ranar Litinin ya karanta *baba* da *bara* lafiya, yau ya ce *dada*, ya gyara ya ce *bada*, ya sake cewa *daba*. A shifta na ce *dama*, ya rubuta sanda a tsaye, ya tsaya da alli a hannu bai san gefen da zai sa cikin ba. Daga nan rikicin ya bazu har kan haruffan da ya riga ya mallaka, ya fara kokwanton *n* da *r*. Ya ajiye allon ya ce, "Malama, ni kaina ba ya ja." Bai yi kuka ba, amma ya ƙi ɗaga ido har aka tashi.

Na zauna na yi tunani a kan dalilin. Yaro tun yana jariri ya koyi cewa kofi kofi ne ko mariƙinsa na dama ko na hagu. Rubutu ne kaɗai wurin da juya abu ke canza sunansa. Shi ya sa ƙananan yara da yawa ke juya haruffa har wajen shekara bakwai, kuma wannan kaɗai ba alamar wata matsala ba ce. Ga wanda alaƙar sauti da harafi ba ta zauna masa ba, haruffa biyu masu kama da juna a ido, masu kusanci a kunne, in suka zo a mako guda, cakuɗewa suke su zama abu ɗaya mai suna biyu. Kuma mu a Hausa ba biyu ba ne, huɗu ne, ga *ɓ* da *ɗ* suna jira a gaba.

Na yanke shawara: na cire *d* daga katunan gaba ɗaya. *B* kaɗai za mu riƙe har sai ta zauna daram, ko da za ta ci sati uku.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na fara da gaya musu gaskiya, cewa kuskuren jiya nawa ne, na kawo kaya biyu a lokaci ɗaya. Babban yaron ya ɗago ya dube ni kamar bai taɓa jin malami ya faɗi haka ba.

Na ɗaure *b* da baki da hannu. Idan za a faɗe ta leɓɓa a rufe suke, sun yi layi miƙaƙƙe, ita ma da layi take farawa: sanda ta sauko, sannan ciki ya fito gaba. Kullum haka za a rubuta ta, daga sama, ana faɗin sautin. Sau goma a yashi, sau biyar a allo. Sauran lokacin na cika shi da kalmomin da na tabbata zai iya, don ya tashi da nasara a hannu. Na ɗauki ƙa'ida: a cikin kati goma, takwas ko tara sanannu ne, sabo ɗaya ko biyu. In yaro yana kuskure fiye da ɗaya a kalma goma, abin da na ba shi ya fi ƙarfinsa, ni ce zan sauko.

Talata, 14 ga Oktoba

*U* da *k* sun shiga. Yarinyar ba ta zo ba jiya da yau.

Litinin, 20 ga Oktoba

Minti 15 ɗin ba su ne dukan ranar yaro ba. Sauran awannin yana zaune ne a ajin da komai ke bi ta rubutu, kuma a nan ake karya abin da na gina da safe. Ga abubuwan da na canza a cikin aji kansa, kuma ban sanar da cewa don su uku na yi ba.

Na daina karatun bi-da-bi, wanda ake farawa daga bencin gaba kowa ya karanta layi. Na lura babban yaron yakan ƙirga layuka ya gano nasa, ya roƙi na kusa ya raɗa masa, ya yi ta maimaitawa a ransa, darasin duka ya wuce shi. Yanzu ko mu karanta tare da murya ɗaya, ko in nemi mai so. In ina son ɗayansu ya karanta a gaban aji, tun jiya nake ba shi jimlar mu yi ta tare.

Kwafar allo ma na rage musu. Kafin yarinyar ta ɗauko kalma daga allo ta sauke a littafi, harafi ɗaya-ɗaya take yi, tana ɗaga kai sau biyar a kalma guda, ta ɓata wurin da take. Yanzu ina ba su abin a takarda a kan benci, manyan haruffa, layuka da tazara, da guntun kwali da suke sa wa ƙarƙashin layin da suke kai. A darasin lissafi da na kimiyya nakan karanta tambaya da ƙarfi ga kowa sau biyu. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya. A littattafansu kuma na daina jan layi ja a kan kowane kuskure, ina gyara wanda ya shafi harafin da muka koya kawai.

Wani malami ya ba ni shawarar in nemo musu leda mai launi da ake ɗora wa shafi. Ban bi ba. Bincike bai nuna tana gyara karatu ba, kuma abin da na gani da idona shi ne matsalar yaran nan tana wajen haɗa sauti da harafi, tunda ko da baki, babu takarda, suna wahalar raba kalma.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Awo: yarinyar 9, babban yaron 8, ƙaramin 10. Ƙaramin ya yi tsalle tun da kunnen ya fara washewa. Yarinyar ta koma baya kaɗan bayan rashin lafiyar sati guda, ta manta *u*. Kwana biyu na bita suka dawo da ita.

Laraba, 29 ga Oktoba

Na haɗa kowannensu da abokin karatu daga cikin aji, minti biyar bayan hutu. Kwana uku ana yi sai na ga babban yaron yana gama shafi da wuri fiye da yadda na san zai iya. Na tsaya bayansu. Da ya ɗan yi jim a kan kalma sai abokiyar ta faɗa masa, shi kuma ya maimaita. Tausayi ne ya sa ta, amma ta mayar da shi gidan jiya, kunne na aiki ido na hutawa.

Na tara abokan uku na koya musu abin yi. In ya tsaya, ki ƙirga biyar a ranki, kada ki ce komai. In bai samu ba, ki nuna harafin farko ki ce, "Wane sauti ne wannan?" In har yanzu bai samu ba, ki rufe rabin kalmar da yatsa ya karanta gaɓa ɗaya. Sai bayan wannan duka za ki faɗa, shi kuma ya sake karanta jimlar daga farko. Kuma kada a ce masa ya duba hoto ya canka. Canke shi ne ciwon da muke jinya. Ɗaya daga cikinsu ta ce, "Malama, shirun nan ya fi karatun wuya." Gaskiyarta, ni ma shi ya fi ba ni wahala.

Talata, 4 ga Nuwamba

*D* ta dawo, bayan kusan sati huɗu. Na ɗaure ta da *a*, wadda suka sani sarai: a fara da zagaye kamar za a rubuta *a*, sai a ɗaga sandar sama. Baki ma a buɗe yake wajen faɗinta, harshe na bayan haƙora. Kwana uku ba za ta haɗu da *b* a shafi ɗaya ba.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Na tafi taron bita jiya, wani ya riƙe mini aji. Laifina ne ban bar masa takarda ba. Ya tayar da babban yaron ya karanta littafin aji, yaron ya kasa, aka yi dariya, aka ce masa ƙato da shi bai iya abin da ƙannensa suka iya ba. Yau ya zo ya zauna a bencin baya, ya ce cikinsa na ciwo lokacin da na kira su.

Ban matsa masa ba. Na yi da sauran biyun, na bar katunansa a gefen benci. Da aka fita hutu na kira shi, na buɗe bayan littafinsa inda yake zana awonsa: 4, 5, 6, 8, 11. Na ce, "Wa ya karanta waɗannan?" Ya ce shi ne. Na ɗauko takardar ranar farko mai *rana* a jiki, na miƙa masa. Ya sa yatsa, ya ja, ya ce *rrraaa-nnnaaa*, rana. Ya daɗe yana kallon takardar. Ya tambaya ko zai iya tafiya da ita gida, na ce ya tafi da ita.

Na rubuta shafi ɗaya na manna a cikin rajista don duk wanda zai riƙe ajin: yaran da ba a tayarwa karatu ba shiri, inda katunansu suke, da abin da za a ba su. Na kuma yi magana da malamin cikin mutunci, ya ce bai sani ba, kuma na yarda.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

*B* da *d* a shafi ɗaya. Kuskure biyu cikin ashirin ga babban yaron, kuma shi ya gyara ɗaya da kansa, na ga leɓɓansa suna rufewa yana gwadawa kafin ya faɗa. Wannan gyaran kai ya fi mini daɗi fiye da makin.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Mun shiga gaɓa mai rufi, wadda baƙi ke rufe ta, kuma nan ne sabon tudu. Muddin kalma baƙi da wasali ce a jere, kamar *ka-ra-tu*, suna tafiya. Da suka ga *sanda* sai yarinyar ta ce *sanada*, ƙaramin ya ce *sada*. Ɗaya ta cusa wasalin da babu, ɗaya ya jefar da baƙin da ke akwai. Murafen kwalba suka dawo: *san* murafe uku, a tura, a ji *n* ɗin a hanci kafin a wuce *da*. Sai na yanka katin kalmar da almakashi tsakanin baƙaƙen biyu, su karanta kowane ɓari, su haɗa. Mun yi *sanda, kurma, rumbu, karnuka*.

Baƙi mai ninki ma haka. *Mana* da *manna* na rubuta a allo, na ce su saurari inda harshe ke daɗewa. Ƙaramin ne ya fara ji.

Akwai abin da haruffa ba za su ba su ba, kuma gara in faɗa musu tun yanzu. Rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. *Fari* na launi da *fari* na rashin ruwa iri ɗaya ake rubuta su. A nan jimla ce ke raba gardama, kuma a nan babban yaron ya fi kowa, don kunnensa ya san harshe. Bambancin da nake nanata musu shi ne a fara fitar da kalmar daga haruffanta, sannan a tambayi jimla yadda za a furta ta. Ba a fara da canke.

Juma'a, 28 ga Nuwamba

Awo na mako na goma: ƙaramin 24, babban yaron 17, yarinyar 12.

Ƙaramin ya kusa barin wannan benci. Nasa rashin ji ne da giɓin da ya bari, da aka toshe sai ya tafi. Babban yaron yana hawa a hankali, amma yana hawa, kuma ya fara maimaita karatu: gajeren labari ɗaya sau uku ko huɗu a mako har ya yi santsi, hanyar da masanin karatu Samuels ya bayyana a 1979. Da shi dole in yi hattara saboda haddarsa. A karo na uku ya riga ya haddace, don haka nakan yanka jimlolin in hargitsa su, kuma awon Juma'a kullum da sabbin kalmomi nake yi.

Yarinyar ce ke hana ni barci. Sati huɗu tana tsakanin 10 da 12. Ba ta fashi, tana ƙoƙari fiye da kowa, idonta da kunnenta lafiya. Kalmar da ta karanta a layi na ɗaya in ta sake gamuwa da ita a layi na uku sai ta fara daga farko kamar baƙuwa. Minti 15 cikin mutum uku bai ishe ta ba, kuma abin da na sani ya kusa ƙarewa. Na kai wa shugabar makaranta littafin awonta da samfurin shiftarta na mako goma, na roƙi a nemi ƙwararre ya gwada ta sosai. Na yi magana da mahaifinta. Tambayarsa ta farko, "Malama, ƙwaƙwalwarta ce ba ta da kyau?" Na nuna masa makinta na lissafi da na amsar baki, na ce masa wahalar a wuri ɗaya take, kuma irin wannan ba a warkewa daga gare ta dare ɗaya, ana koyon karatu da ita ne, a hankali, da maimaici mai yawa. Na roƙe shi abu biyu: a riƙa karanta mata labari a gida don kada kalmomi su wuce ta, kuma minti biyar na kati ya isa, kada a mayar da shi horo.

Laraba, 3 ga Disamba

Jarrabawar zango. Shugaba ta amince a karanta wa su ukun tambayoyin lissafi, kimiyya da zamantakewa, a ƙara musu lokaci, su amsa wasu da baki ina rubutawa. Takardar karatu kaɗai suka yi da kansu. Babban yaron ya ci 16 cikin 20 a kimiyya. Zangon da ya wuce 3 ya samu, a kan abubuwan da ashe ya sani.

Shirin zango mai zuwa. Haruffa masu ƙugiya, ɗaya-ɗaya, sati biyu aƙalla tsakaninsu, *ƙ* da farko tunda ba ta da abokiyar juyi, da kalmomi irin *kafa* da *ƙafa*, *kara* da *ƙara*. Sai *ɓ* da *bari* da *ɓari*, *ɗ* a ƙarshe. Tagwayen baƙaƙe *sh* da *ts* kowanne a kati ɗaya, murfi ɗaya, don su gane sauti guda ne. Ƙaramin zai koma cikin aji, in riƙa auna shi duk sati biyu. Gurbinsa ba zan cike shi ba tukuna. Yarinyar za ta sami ƙarin minti goma ita kaɗai kafin kiran suna, kuma zan rage mata zuwa sabon abu ɗaya a mako. Don hutu na haɗa wa kowa ambulan mai kati 20 da gajerun labarai huɗu da na rubuta da haruffan da ya sani. Na babban yaron saura labari ɗaya, yau da dare zan gama shi, kuma dole in duba kada *ƙ* ta kutsa ciki kamar yadda ta yi a na jiya.